Yaya zan rubuta bayanin wayar hannu ba tare da an dawo mini da ita ba?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da wayoyin hannu a kasuwar Fam Santa da ke Kano, ina sa hotunansu a WhatsApp. Makon jiya na rubuta "iPhone 11, 64GB, tsaf, ba matsala" a kan wata, wani ya turo kuɗi daga Katsina, na ba direba. Bayan kwana biyu ya kira yana faɗa wai akwai ƙarzuwa a gilashi, batir 79, kuma ba kan caja. Duk gaskiya ne, amma ni ban ɗauke su matsala ba. Ta dawo hannuna. Me zan rubuta wannan karon?

Alhaji Sabo Mai Waya: Wa alaikumus salam. Nura, kalmar "tsaf" ce ta ja maka. Tsaf ɗinka daban, na mutumin da ya tara kuɗinsa wata huɗu daban. Ni na daina rubuta duk abin da mai saye ba zai iya dubawa da kansa ba, ya ce e haka ne ko a'a.

Fara da ƙarzuwa. Cire sikirin gad ɗin tukuna, domin sau da yawa shi ne ya ƙarzu, gilashin lafiya lau, wani lokacin kuma an manna shi ne don ya rufe tabo. Kashe wayar, goge ta, ka karkata ta a ƙarƙashin fitila. Duk layin da ka gani, bi ta kansa da farce. In farce ya wuce sumul, gogewa ce ta aljihu, ba a ganinta in sikirin yana kunne. In farce ya maƙale, ta yi zurfi, dole ka faɗi inda take da tsawonta. Tsagewa kuwa sunanta tsagewa ko da ƙarama ce, kada ka kira ta ƙarzuwa. Haka za ka bi baya, gilashin kyamara, da kusurwoyi huɗu. Kusurwar da ta lotsa tana nuna wayar ta taɓa faɗuwa, mai hankali zai tambaya ko an canja sikirin, gara ka riga shi faɗa.

Batir kuma ka shiga Settings > Battery > Battery Health & Charging, ka kwafi lambar Maximum Capacity yadda take, ka sa ranar da ka duba, saboda waya takan yi wata a shago lambar ta sauka da ɗaya. Taka 79 ce, ƙasa da 80, don haka wayar da kanta za ta nuna masa Service. Abin da waya za ta gaya masa da bakinta, me ka samu in ka yi shiru?

Abba Dorayi: Ni dai shawarata ka kai a sa sabon batir ya koma 100, shi ke nan magana ta ƙare. Ba wanda ke ciniki a kan 100.

Injiniya Mustafa: Abba, ni ke canja batiran nan, kuma akwai masu ciniki a kan 100 sosai. iPhone 11 ta fito tun 2019. Wanda ya san waya in ya ga 100 a kanta ya san ɗayan biyu ne, ko an canja batir ko an yi wa lambar dabara, don akwai na'urar da ake mai da lissafin baya batirin yana nan tsoho. Irin wannan za ka ga ya faɗo daga 40 zuwa 15 cikin mintuna kaɗan. Canjin ba laifi ba ne, amma a rubuta shi. A duba Settings > General > About, in an taɓa wayar akwai Parts and Service History, a 11 yana nuna batir da sikirin. In ka ga Unknown Part, rubuta hakan. A leƙa True Tone ma, wato abin da ke daidaita launin sikirin da hasken wuri, a tsofaffin iOS in an sa sikirin ba a kwafe bayanan tsohon ba, yawanci ɓacewa yake yi. Ni da za a ba ni zaɓi, 79 na asali ya fi mini 100 da ban san daga ina ya zo ba.

Maman Hanifa: Don Allah ni ma Samsung ɗina nake son sayarwa, na duba ko'ina ban ga lambar batirin ba. Kuma akwai wata inuwa kamar ta madannai a ƙasan sikirin. Nawa za ta yi?

Injiniya Mustafa: Hajiya, kuɗi sai an ga waya. Yawancin Samsung na shekarun baya ba sa ba da lamba. Ki buɗe Samsung Members, wajen gwajin waya, zai gaya miki batirin lafiya ne ko ya yi rauni, ki rubuta kalmar da ya nuna. Sannan ki cika caji, ki yi amfani da ita yadda kika saba, ki faɗi awa nawa ta kai. Inuwar nan ƙonewar sikirin ce, ba ta gogewa sai an canja shi. Ki buɗe farin hoto ki ɗauke ta da wata wayar, a nan take fitowa sarai.

Alhaji Sabo Mai Waya: Mu koma kan Nura. Kayan da ke biye da waya su ne suka fi haddasa rigima, kuma su ne suka fi sauƙi. Kada ka rubuta "da caja". Caja abu biyu ce, kai da igiya, kowanne ka ce akwai ko babu, na asali ne ko na kasuwa. Abin da babu ma a rubuta shi, don mutum yana ganin kwali a hoto zai zaci komai na ciki. In za ka ce kwalin nata ne, danna `*#06#` ka gwada IMEI da ta jikin kwalin. Da ni ne, ga yadda zan sa, kai ka gyara daidai da abin da ka gani:

"iPhone 11, 64GB, baƙa. Gilashin gaba: ƙarzuwa ɗaya a sama ta dama, kusan santimita 2, farce yana kama ta, ana ganinta kaɗan a farin shafi. Ba tsagewa. Baya lafiya. Kusurwar ƙasa ta hagu ta ɗan lotsa. Batir 79 a duban yau Asabar, na asali, yana nuna Service, zai so canji. Ba a canja sikirin ba. Face ID yana aiki, an fita daga iCloud. Akwai igiyar caja ta kasuwa da riga. Babu kan caja, babu abin kunne, babu kwali. Akwai rasit na shago."

Ka haɗa da hoton ƙarzuwar da na shafin batir. Lambar IMEI cikakkiya a rasit za ta zauna, ba a talla ba.

Abba Dorayi: Alhaji, wannan ai tallar aibu ce. Wa zai tsaya karanta duk wannan? Mutanenmu suna ganin "lotsa" za su wuce gun wanda ya rubuta giredi A.

Alhaji Sabo Mai Waya: Wasu za su wuce, ban musa ba. Amma giredi A na wane ne? Kowane dila da ma'auninsa. Wanda ya karanta wannan ya turo kuɗi, ba shi da bakin cewa bai sani ba, kuma ka tsira daga hakkin ɓoye aibu. Tambayi Nura nawa ya biya direba zuwa da dawowa.

Nura: Alhaji kar ka tuna mini, hahaha. Na cire sikirin gad ɗin yanzu, ashe ƙarzuwa biyu ce, ɗayar farce ba ya kama ta. About bai nuna an canja komai ba. Zan rubuta yadda ka tsara. Batirin ne har yanzu ban yanke ba, in canja ko in rage dubu goma in bar wa mai saye.

Injiniya Mustafa: Kawo ta shago gobe bayan azahar mu ga yadda take riƙe caji, sai ka yanke.