Sensar tanki na haukacewa da an kunna famfo, a taimaka da shawara

Bello Arkilla: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na sa sensa a gindin tankin gidanmu don in riƙa ganin yawan ruwa daga ɗaki, irin mai ba da 0.5V zuwa 4.5V ce, na ja waya kamar mita 70 daga hasumiya ta bayan gida har Arduino da ke ɗakina. Da dare lamba na tsaye cak, amma da rana ta ɗaga famfon sola ya tashi sai ta kama rawa, yanzu rabin tanki anjima ya cika anjima saura kaɗan. Sau biyu ruwa na malala har cikin garken tumakin Baba yana ta faɗa. In sake sensa ne ko mi?

Nura Mai Sifika: Wa alaikumus salam. In ƙara ce take yi to ka duba amfilifaya, mu ma a masallacin unguwarmu haka lasifika ta riƙa gurnani sai da anka canza jak

Bello Arkilla: Oga Nura ba ƙarar kunne ba ce, lamba ce ba ta tsayawa 😅

Injiniya Sa'adatu: Malam Bello kada ka sayi komai tukuna. Wace irin waya ka ja, kuma ta ina ta bi? Sensar mita nawa take aunawa?

Bello Arkilla: Hajiya wayar fileksibul ce ta wuta mai ƙwaya uku, cikin bututu guda da wayar famfo don ban son haƙa sau biyu. Sensar ta mita 5 ce, tankin bai wuce mita 2 ba.

Injiniya Sa'adatu: To ga ɓarawonka nan. Mita 5 cikin 4V, kenan kowane santimita na ruwa 8mV ne kacal. Inbatar famfon sola tana datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, wayarka kuma ta kwanta jikin tata mita 70 tana kwasar abin da take fesowa, ko 200mV ta ɗauko ai ruwan santimita 25 kenan ya ƙaru ko ya ragu na ƙarya. Gwada wannan gobe da hantsi: ka cire sensar can hasumiya, ka ɗaura batirin tocila 1.5V tsakanin wayar sigina da GND, ka dawo ɗaki ka sa a kunna famfo. Batiri ba ya rawa. In lamba ta ci gaba da tsalle to sensa ba ta da laifi, hanya ce.

Alhaji Umaru Mabera: Ni dai shekara nawa ina ja ma mutane waya, maganin wanga abu waya mai riga ce, wadda ke da saƙar ƙarfe ko takardar alminiyam a ciki. Ka ɗaure rigar da sandar ƙasa can tanki, ka ɗaure nan ɗaki, shi kenan an gama.

Injiniya Sa'adatu: Ranka ya daɗe rigar na taimakawa ƙwarai, amma a nan ni gefe guda zan ɗaure, na ɗaki. Sandar da ke hasumiya da ta cikin gida ba lallai su zama daidai ba, balle ƙasar Sakkwato da rani busasshiya ƙayau, in an haɗa su ta rigar sai wuta ta riƙa bi ta cikinta tana kawo abin da ake gudu. Can tanki a yanke rigar a naɗe da salatif kada ta taɓa ƙarfen hasumiya.

Alhaji Umaru Mabera: Ɗiyata na ji ki, amma akwai ma'aikatar da munka yi ma aiki, injiniyansu cewa ya yi duk biyun, kuma lafiya lau.

Injiniya Sa'adatu: Haka ne Baba, inda an haɗe ƙarafan gini duka da waya mai kauri ana yin haka kuma ya fi tare hayaniya mai sauri. Gidan Bello ba a yi wannan haɗin ba.

Sadiq ɗan Poli: Ni Cat6 na sa a nawa kuma wallahi ban ga bambanci ba, asarar kuɗi kawai

Injiniya Sa'adatu: Sadiq wane launi ka ba sigina wane ka ba GND?

Sadiq ɗan Poli: lemo sigina, kore GND

Injiniya Sa'adatu: Ka raba miji da mata kenan. Amfanin murɗin shi ne wayar zuwa da ta dawowa su naɗe juna, abin da wannan murɗi ya ɗauko na gaba ya soke shi. Lemo da farin-lemo za ka haɗa. In ka ɗauko ɗaya nan ɗaya can ka koma wayar banza mai tsada.

Bello Arkilla: Hajiya na yi gwajin batiri. Famfo a kashe 307 tsaye, an kunna sai 270 zuwa 350. To yanzu mi zan saya?

Injiniya Sa'adatu: Madalla. Ni da gidana ne ba zan ƙara tura 'yan milibolt tafiyar mita 70 ba. Ka sa ƙaramin Arduino Nano cikin akwati a gindin hasumiya ya karanta sensar da wayar da ba ta kai mita ɗaya ba, sannan ya aiko lamba ta RS-485, modul MAX485 ɗaya can ɗaya ɗaki. Shi waya biyu gare shi A da B, mai karɓa bambancin da ke tsakaninsu kawai yake dubawa, to hayaniyar famfo in ta faɗo kan murɗaɗɗun wayoyin nan tana ɗaga su tare ne, bambancin na nan yadda yake. A `Serial.begin(9600);` mita 70 wasa ne, an yi shi don ya kai wajen mita 1200 a ƙaramin gudu. Cat6 ɗin: lemo da farin-lemo A da B, shuɗi biyun GND, ruwan ƙasa biyun 12V ka sauke shi zuwa 5V can tanki. Kada wani ya ce maka waya biyu sun isa ka bar GND, in bambancin ƙasan gefe biyu ya sa wutar A da B ta fita daga -7V zuwa +12V modul ya daina ji ko ya ƙone. Resista mai om 120 tsakanin A da B a kowane ƙarshe, amma duba tukuna, yawancin modul ɗin kasuwa da ita suke zuwa a manne.

Hafsat Gawon Nama: Ƙari kaɗan Malam Bello, in ka je sayen Cat6 ka kankare ƙwaya ɗaya da reza a gaban mai shago, in cikin ya fito fari alminiyam ce aka shafa wa tagulla, ni ta karye min cikin bututu bayan wata huɗu. Kuma don Allah ka haƙa sabon rami, ko taku ɗaya ne tsakaninsa da wayar famfo, inda dole su haɗu su gitta juna kada su jera. Wadda ta hau hasumiya a sa ta cikin bututu, ranar watan Afrilu ba ta barin roba.

Alhaji Umaru Mabera: Duk wanga wahala, ku sai sensa mai 4-20mA mana, waya biyu, resista om 250 a ɗaki ta ba ka 1V zuwa 5V, ba wani Nano da za shi gasu cikin akwati

Injiniya Sa'adatu: Wannan kam gaskiyarka Baba, in sensa ɗaya ce har abada. Na ce RS-485 ne don ya riga ya sayi tashi, kuma gobe in yana son ƙara ta rijiya sai ya jona kan layin, daga wannan zuwa wancan kamar carbi, ba kowa ya jawo reshensa ba.

Sadiq ɗan Poli: na gyara launin, rawar ta ragu sosai amma ba ta mutu ba. to tsawa fa in damina ta faɗi? hasumiyarmu ta fi komai tsawo a layin

Injiniya Sa'adatu: Ana sa SM712, ƙaramin diyod mai tare tsallen wuta, kan A da B don abin da tsawar nesa ke jefowa. In ta sauka kan hasumiyar kanta, ba shi ba tare ta.

Bello Arkilla: Na gode jama'a. Modul biyu zan nema yau, ramin kuma sai Asabar in yara sun dawo makarantar allo. Baba Umaru bututun inci nawa zan saya?