Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, sefa 12 500 ta koma 12: ina gyaran yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da bayanan wani kamfanin hatsi mai reshe a Kano da Maraɗi. Tsohuwar manhajarmu tana kan MySQL 5.5 da tebura masu `latin1`, kuma kowane dare muna fitar da fayil ɗin CSV mu loda shi a MySQL 8 mai `utf8mb4` ta hanyar `LOAD DATA LOCAL`. A tsohuwar manhajar sunaye suna fitowa daidai, amma a sabon rumbun Ɗanladi ya zama `ÆŠanladi`, wasu kuma `?anladi`. Kuɗin ma sun rikice: `12 500` na Maraɗi ya zama 12, `1,250.50` na Kano ya zama 1. Ina neman shawararku kafin lissafin ƙarshen wata.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin kwamfutar da kake dubawa da ita ce ba ta da salon rubutun da ke ɗauke da haruffa masu ƙugiya. Mun sha fama da haka a wurin ɗab'i, kuma da muka sauya salon rubutun sai komai ya daidaita.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, da salon rubutu ne da ɗan akwati za a gani a gurbin harafi ɗaya, ba haruffa biyu baƙi ba. Shekaru na yi ina kwashe bayanai daga tsofaffin rumbuna, kuma wannan `ÆŠ` tsohon sani ne a wurina. A UTF-8 ana ajiye Ɗ da baiti biyu, `C6 8A`. Tsohuwar manhajarku ta daɗe tana zuba waɗannan baitoci a gurbin da aka yi wa lakabin `latin1`, tana kuma karɓo su yadda ta zuba, shi ya sa ba wanda ya lura. Abin da MySQL ke kira `latin1` kuwa Windows-1252 ne, inda `C6` yake nufin Æ, `8A` kuma Š. Da aka zo fitar da fayil, sai sabar ta yarda da lakabin, ta ɗauki kowane baiti a matsayin harafi mai zaman kansa, ta sake juya shi zuwa UTF-8. Haka ƙ za ta fito `Æ™`, ɗ kuma `É—`.

Malam, kada ka yarda da abin da allo ya nuna maka, ka dubi baitocin kansu a rumbunan biyu:

```sql
SELECT id, suna, HEX(suna) FROM abokan_ciniki WHERE id = 412;
```

Idan sunan ya fara da `C68A` a tsohon, ya kuma fara da `C386C5A0` a sabon, to an juya shi sau biyu, kuma babu abin da ya ɓata. Gyaran na dindindin yana wurin fitarwa: ka haɗu da tsohuwar sabar da `--default-character-set=latin1` domin baitocin su fito ba tare da an taɓa su ba, sannan ka rubuta `CHARACTER SET utf8mb4` a cikin umarnin lodawa. Layukan da suka riga suka shiga kuwa ana iya warware su da wannan:

```sql
CONVERT(CAST(CONVERT(suna USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4)
```

Alamar tambaya ita ce mummunan labari. Idan `HEX` ya nuna `3F` a tsohon rumbun ma, to harafin ya mutu tun ranar da aka shigar da shi, domin Windows-1252 ba ta da gurbin ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, kuma babu umarnin da zai faɗa maka ko Ƙ ce ko Ɗ. Sai dai a koma ga takardun rajista.

Amsa ta uku: Na gode Hajiya, wannan umarni na `CONVERT` ya taɓa fitar da ni kunya. Ni shawarata ita ce mai tambaya ya sa shi cikin `UPDATE` ɗaya ya bi teburin gaba ɗaya, ya huta.

Amsa ta biyu, ta ƙara da cewa: A'a, Malam, a nan kam ban yarda ba, musamman tun da akwai reshen Maraɗi. Suna rubuta sunayen kamfanoni da Faransanci, kuma idan an taɓa shigar da wasu daga Excel, mai yiwuwa é ɗinsu na gaskiya ne, baiti ɗaya `E9`. Irin wannan layi ya isa sabon rumbun lafiya ƙalau, amma idan aka bi ta kansa da umarnin, `E9` shi kaɗai ba halastaccen UTF-8 ba ne, sai sunan ya lalace ko ya dawo `NULL`. Haka sunan da aka riga aka gyara da hannu zai koma alamar tambaya. Saboda haka a fara ɗaukar kwafin ajiya, a ƙara sabon gurbi a zuba sakamakon a ciki, a taƙaita aikin ga layukan da `HEX` ɗinsu ke ɗauke da `C386`, `C389` ko `C383`, a duba su da ido kafin a maye gurbin na asali. Wannan cakuɗa za ta shafi sabuwar hanyar fitarwar ma, don haka sai an ware waɗannan layuka a tsohon rumbun tukuna.

Amsa ta huɗu: Ni akanta ne, ba masanin rumbu ba, don haka batun kuɗin ya fi damuna. Na taɓa aiki da wani kamfani da ya yi wata biyu yana fitar da rahoto a kan irin wannan kuskure, kuma ba a gane ba sai da wani dillali ya zo karɓar bashinsa. Mutanen Nijar suna bin tsarin Faransanci: tazara ce ke raba dubbai, waƙafi kuma ke raba ɓarin lamba. Mu a Najeriya waƙafi ne na dubbai, ɗigo na kwabo. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa rumbun bai ƙi karɓa ba.

Amsa ta biyu, ta sake cewa: Alhaji, ka taɓo wurin da ya dace. Ga alama tsohuwar manhajar tana ajiye kuɗi a matsayin rubutu, kuma idan MySQL zai mayar da rubutu lamba, yana karantawa ne daga hagu har ya ci karo da abin da ba lamba ba, sai ya tsaya a nan. Ƙa'idar tsanantawa ta MySQL 8 takan ƙi irin wannan, amma kalmar `LOCAL` tana mayar da kuskuren gargaɗi kawai, aikin ya wuce shiru. Duk wanda ya rubuta `SHOW WARNINGS` bayan lodawa zai gan su jere.

Abin da nake yi shi ne in loda komai a teburin wucin gadi a matsayin rubutu, in tsabtace shi bisa reshen da layin ya fito, ba bisa hasashen siffar lambar ba. Na Kano a cire waƙafi. Na Maraɗi a cire tazara, a mayar da waƙafi ɗigo. A kula, tazarar nan sau da yawa ba ta yau da kullum ba ce mai `20`, wadda ba ta yankewa ce mai `C2A0`, kuma `REPLACE(kudi, ' ', '')` ba zai gan ta ba. Bayan haka a zuba a `DECIMAL(14,2)`, ba `FLOAT` ba, tare da gurbin da ke nuna naira ce ko sefa. Layin da bai dace da ƙa'idar reshensa ba a ajiye shi gefe, kada a loda shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na duba, `C386C5A0` ɗin ne kuwa, kuma na ga `C2A0` a kuɗin Maraɗi. Sai dai na tarar da wasu layukan Maraɗi an rubuta `1.250`. Wani ma'aikacin can ya ce sefa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ake nufi, amma gurbin nauyin buhu ma yana da irin wannan rubutu, kuma a can zai iya zama kilo ɗaya da kwata.

Amsa ta huɗu: A gurbin kuɗi zan yarda da shi, tun da ba a ciniki da ɓarin sefa. Na nauyi kam kada ka yanke hukunci daga Kano; ka aika musu lambobin layukan su gwada da rasit, kuma kafin nan ka kwatanta yawan layuka da jimillar kowane reshe da littafin akantansu.