Yankan tiras: hagu ya ba ni 10.6, dama 17.7

Salamu alaikum 'yan'uwa, tun jiya nake fama da wannan lissafi.

Tiras ne mai tsawon mita 12, tsayinsa mita 3. Mahaɗan ƙasa su ne A, B, C, D da E, mita 3 tsakanin kowanne biyu, F, G da H kuma suna saman B, C da D. An rataya 10 kN a B, 20 kN a C. Na samu 17.5 kN a madogarar A, 12.5 kN a E. Ƙarfin da ke cikin sandar FC, wadda ta karkata digiri 45, shi kaɗai ake nema, shi ya sa na ƙi bin mahaɗa ɗaya-ɗaya.

Na yanka ta FG, FC da BC. A ɓangaren hagu, 17.5 na tura sama, 10 na ja ƙasa, saura 7.5, don haka FC = 7.5/sin45° = 10.6 kN, ja ne. Da na gwada dama sai na samu 17.7. A can ban saka 20 ɗin nan ba, ganin cewa a C biyu daga cikin sandunan da na yanka, FC da BC, suka haɗu. Ko nan na yi tuntuɓe? In na saka shi 7.5 na dawowa, amma dalilin nake so, ba dacen lamba ba.

Sai sandar GC. Na kasa samun yankan da zai raba tiras gida biyu ya ratsa ta ba tare da ya ci sanduna huɗu ba, alhali ƙa'idojin daidaito uku ne. Zagaye G kaɗai ne mafita?