Suga ya fito sau biyu a bayanin haɗa kek, ya zan rubuta shi?

Salam jama'a, don Allah ku taimaka min, tun jiya nake kan abu ɗaya.

Ina da bayanin haɗa kek da aka rubuta a dunƙule, sakin layi guda, ga kayan haɗi ga yadda ake yi duk a cakuɗe, ina so in ware kayan haɗin daban sannan matakan su zo da lamba 1, 2, 3. Na fara da ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke da awo, fulawa kofi 2, ƙwai 4, madara rabin kofi, sai gishiri ya ɓace min tunda "ɗan gishiri" kawai aka ce babu lamba, na dai gano na saka. Kunna oben ma a jimlar ƙarshe aka ambace shi, na dawo da shi mataki na 1.

Inda na maƙale shi ne suga. A farko an ce a buga bota da suga kofi 1, can ƙasa kuma an ce a buga farin ƙwai da suga cokali 3. Da na rubuta shi layi biyu ƙanwata ta ɗauka maimaici ne ta auna kofi 1 kawai, da na haɗe shi layi ɗaya kuma ta juye duka a cikin bota, aka zo kan farin ƙwai babu saura, wallahi abin ya dame ni.

In abu ɗaya zai shiga matakai biyu, ya ake rubuta shi a jerin kayan haɗi yadda mai karatu ba zai ruɗe ba?