Shawarwari Kan Wasiƙar Neman Rage Aiki Lokacin Jarrabawa

Wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe, wanda ke aikin yamma a wani kantin sayar da kayan masarufi daga ƙarfe 4 zuwa 10 na dare, ya nemi shawara kan yadda zai rubuta wa manajansa takardar neman sassauci. Waɗanda suka tattauna batun sun fi nanata cewa ya miƙa wasiƙar da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, kafin a tsara rabon aikin makonnin, domin manajan da aka zo wa ana gobe jarrabawa ba shi da wanda zai sa a gurbin.

Sun ce kada ya tsaya a "ina roƙon a rage mini aiki", domin wannan ya bar wa manaja aikin lissafi. Bayan "Ranka ya daɗe" da gajeriyar gaisuwa, ya faɗi ranar farawa da ta gamawa, ya ce yana neman kwana uku a mako maimakon shida, ya ware daren da zai wayi gari da jarrabawar safe, sannan ya haɗa da kwafin jadawalin. Wata da ta taɓa riƙe kanti ta ƙara da cewa ya ambaci abokin aikin da ya yarda su yi musanya, amma sai ya sami amincewarsa tukuna.

An yi saɓani kan albashi. Wasu sun ce ya yi shiru, amma a ganina masu cewa ya rubuta a fili cewa ya amince a rage kuɗin kwanakin, ko ya rama su bayan jarrabawa, sun fi gaskiya, tunda nan ne rigima kan tashi a ƙarshen wata.