Zuma biyu a hoto: baƙa mai kumfa ko ja garau, wacce zan saya?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in sari zuma jarka ɗaya mai lita ashirin, in riƙa ƙullawa a gora ina sayarwa a gida. Wani da aka haɗa ni da shi ya turo mini hoton kala biyu. Ta farko baƙa ce sosai, a cikin gorar ruwa mai rubutun 75cl, akwai kumfa-kumfa a wuyan gorar. Ta biyu ja ce garau, ana hango bayanta, a kwalba siririya mai takarda a jiki, kuma ta fi araha. Ya ce sai na tura kuɗi zai sa a mota. Don Allah wacce ce ta asali?

Anti mai kanti, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ɗauki baƙar kawai. Zumar daji baƙa ce, waɗannan masu ƙyalli yawanci sukari ne aka dafa. In ta iso ki tsoma ashana a ciki ki ƙyasta, in ta kama wuta to zuma ce. Ki kuma ɗiga a ƙasa, ta asali tururuwa ba ta binta.

Baba mai amya, Giwa:
Hajiya, a yi mini afuwa, maganar tururuwar nan ba haka take ba. Mu da muke kafa amya a kan itace, tururuwa na cikin manyan abokan gābarmu, har ta kan kori ƙudan zuma daga gidansu saboda zumar da ke ciki. To wa ya zuba wa waccan sukari?

'Yata mai tambaya, bari in faɗa miki abin da na sani game da launi. Ƙudan zuma abin da ya samu yake kawowa gida. Lokacin da mangwaro da ɗorawa da kaɗanya suke fure launi daban, in aka shiga wani lokaci furen ya canja, launin ma ya canja. Amya ɗaya tana iya ba ni zuma mai haske yau, bayan wata biyu ta ba ni mai duhu. Saƙar ma tana da nata: sabuwar saƙa fara tana ba da zuma mai haske, tsohuwar saƙa da aka yi ta renon 'ya'ya a ciki baƙa ce, in aka matse ta sai zumar ta fito da duhu. Sannan ga wuta. Wasu ba sa haƙurin tacewa, sai su zuba saƙar a tukunya su ɗora a murhu don ta narke. Wannan zumar baƙa za ta yi, ƙamshin furen ya gudu, ƙauri ya maye gurbinsa. Ba a haɗa ta da komai ba, amma an riga an ɓata ta.

Wani abin kuma, mai haɗi ya san mutanenmu baƙa suke so. In ya ƙona sukari kaɗan ko ya narka mazarƙwaila, launin da kike nema zai ba ki. Don haka baƙi ba shaida ba ne, ja ma ba laifi ba ne.

Kumfar nan ita ta fi ɗaukar hankalina. Zumar amya da aka matse da hannu ta kan tara wani zobe a wuyan gora: ɓarɓashin kaki, garin fure, da 'yan ƙananan kumfar iska. In siriri ne, a tsaye yake ba ya ƙaruwa, to wannan ba komai, mu ma tamu haka take.

Mai aikin ɗakin gwaji, Samaru:
Baba ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara lafiya. Zan ƙara abu biyu.

Na farko shi kansa hoton. Kwalaben ba faɗinsu ɗaya ba. Zuma guda in kika zuba ta a kwalba siririya haske zai ratsa ta fito ja, in kika zuba ta a gora mai faɗi ta yi duhu, a cikin jarka kuma ta zama kamar baƙa. In an ɗauki hoton da rana a bayan kwalbar, ko an kunna fitilar waya, sai ta ƙara ƙyalli. Waya kuma da kanta take gyara launi gwargwadon hasken wurin, shi ya sa hoton cikin ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki yake bambanta da na tsakar gida. Ba zan yi mamaki ba in kala biyun nan sun fi kusa da juna fiye da yadda kike gani. Ki ce ya zuba kowacce a gora iri ɗaya, ya jera su a inuwa da rana, ya sa farar takarda a bayansu, ya ɗauka ba fitila. Sai a lokacin ne ma za a iya maganar launi.

Na biyu kumfa, a nan na ɗan saɓa da Baba. Gaskiya ne akwai zoben da ba shi da illa, amma akwai kumfar tsami, kuma a hoto ɗaya ba za ki bambance su ba. Ƙudan zuma ba ya rufe bakin saƙa sai ruwan cikin zumar ya sauko wajen kashi 18 cikin ɗari. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kada ruwan zuma ya wuce kashi 20. In aka ɗebi saƙar da ba ta rufe ba, ko aka matse har da 'ya'ya, ko aka ƙara ruwa, to zumar za ta fara ruɓa a hankali: ta yi ta fitar da iska, gorar ta kumbura, in an buɗe murfi a ji fiss, warinta ya koma tsami-tsami. Ke da za ki ajiye lita ashirin wata da watanni a zafin Zariya, wannan ya fi miki haɗari fiye da launi. Ki ce ya yi miki bidiyo yana matsa jikin gorar, sannan ya buɗe murfin kusa da waya. Gora ta yi tauri kamar ta lemon kwalba, ko kumfa ta taso bayan buɗewa, ki haƙura da ita.

A bidiyon kuma ya kifa gorar ki ga yadda kumfar iska take hawa. In ta haura da gudu ruwa ya yi yawa. Sai dai zuma tana saki in ta ji zafi, don haka a gwada biyun tare, a wuri ɗaya.

Maman yara, Kofar Doka:
Ni dai madarar gari ce ta taɓa ƙona ni. Hoton gwangwani tsaf aka turo, da ya zo sai na ga takardar azurfar da ke ƙarƙashin murfin an liƙa ta da gam, garin kuma yana kwantawa a gindin kofi. Tun daga nan ba na sayen abin ci ta hoto. Ki duba lambar NAFDAC, in akwai shi kenan.

Mai aikin ɗakin gwaji, Samaru:
Maman yara, lambar tana da amfani ga kayan kamfani, amma bugawa ake yi, ana kuma iya kwafar ta wani kaya a manna. Zumar ƙauye ta gora ba ta da lamba tun farko, rashinta bai nuna jabu ba ce. Ita kwalbar mai takarda, ki ce ya ɗauko rubutun kusa: sunan mai ƙullawa, adireshi, ranar ƙullawa. Takarda mai hoton ƙudan zuma kawai ba suna ba adireshi, ado ne.

Mai tambaya, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Malam, in na sa ya aiko gora ɗaya-ɗaya tukuna, me zan yi a gida? Gwajin ashanar Anti fa?

Mai aikin ɗakin gwaji, Samaru:
Hakan shi ne daidai, ki biya kuɗin gora biyu da na mota kafin maganar jarka. Ashana ruwa kawai take nunawa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma zai bar ashana ta kama, zumar gaske mai ruwa-ruwa kuma ta hana. Haka gwajin ɗigawa a kofin ruwa, kauri yake aunawa.

Abin da ya fi su shi ne sikeli, irin ƙaramin nan na masu yin kek. Zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai wajen kilo 1.4. Ki samo gora irin tasa babu komai a ciki, ki auna nauyinta ki rubuta. Ki cika ta da ruwa daidai inda zumarsa ta tsaya, ki auna, ki cire nauyin gorar. A ce ruwan ya ba ki giram 750. Ki ninka da 1.4, ya zama 1,050. To zumar, bayan kin cire nauyin gora, ya kamata ta kai wajen giram 1,050 ko ta ɗan haura. In an surka ta kashi uku zuma kashi ɗaya ruwa, za ki ga ta faɗo ƙasa da giram 1,000. Ki tabbatar dai tsayin ruwan da na zumar ɗaya ne, in ba haka ba lissafin ya ɓaci.

Iyakar wannan gwajin kuma ki san ta: yana kama ruwa, ba ya kama sukarin da aka dafa ya yi kaurin zuma, domin nauyinsu kusan ɗaya ne. Ko na'urar rifiraktomita da muke amfani da ita, ɗigo ɗaya ta faɗi kashin ruwa, ba za ta ce miki zaƙin daga fure yake ko daga rake ba. Wannan sai gwaji na musamman mai tsada.

Bayan awo ki rufe gorunan ki ajiye su mako biyu a ɗaki, ki sa alama da biro a inda zoben kumfar ya tsaya. In ya ƙaru ko gora ta kumbura, kin samu amsa. In kuma hunturu ya shigo kika ga zuma ta daskare ta yi tsaki-tsaki, kada ki ce an cuce ki, ɗabi'ar zuma da yawa ce. Ki tsoma gorar a ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, za ta saki.

Baba mai amya, Giwa:
Malam ya kawo ilimi, amma ni har yanzu harshe na fi yarda da shi. Zumar gaske tana da ƙamshin fure, tana kuma ɗan maƙaƙi a maƙogwaro bayan an haɗiye. Ta sukari zaƙi ne zalla, ya zo ya wuce.

Mai aikin ɗakin gwaji, Samaru:
Baba, harshenku ya daɗe yana aikin. In rabi zuma ce rabi sukari, ƙamshin yana nan, mu sababbi za mu faɗa tarko.

Anti mai kanti, Sabon Gari:
To na ji ta ashana, amma ni baƙar dai na fi natsuwa da ita, ita kwastomomi suke tambaya. Abin da ba wanda ya taɓo shi ne jarkar. Ƙanwata, ki tambaye shi me aka taɓa zubawa a ciki. Ta man girki in an wanke ta bushe ƙarau babu laifi, amma ta maganin feshi ko ta kananzir ko an wanke kar ki karɓa. Kuma gorar gwaji tana iya yin kyau jarka ta zo daban. Ki ba shi rabin kuɗi, in kaya sun iso ki ɗebo daga sama, ki zura tsaftataccen tiyo ki ɗebo daga gindi, ki auna duka biyun a sikelin Malam kafin ki cika masa.

Mai tambaya, Tudun Wada:
Na tura masa saƙo yanzu. Ya yarda zai aiko gora biyu ranar Asabar, bidiyon ma ya ce zai yi, amma rabin kuɗin ne bai amince ba, wai shi ma karɓowa yake a hannun masu amya. Zan auna in kawo muku abin da sikeli ya nuna. Baba, in ta ƙi, ku kuna da ta sari a wannan lokacin?