Neman kalma: fentin da ke sauya fuska idan an kunna fitila

Bashir, Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wata 'yar takarda mai shafi huɗu da za a raba wa yaranmu masu aikin fenti a nan Jidda, kuma ranar Alhamis za a kai ta wurin bugawa. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: metamerizim. Takardar ta ce shi ne dalilin da bango ke fitowa da launi ɗaya da rana, ya koma wani da dare. Wanda ya yi ta Larabci bai wahalar da kansa ba, ya rubuta kalmar da haruffan Larabci ya wuce. Ni ba na son yin haka, don yaron da ke riƙe da buroshi ba zai tsinci komai a ciki ba. Me za mu kira ta?

Malam Tukur, Madina: Wa alaikumus salam. Rikiɗar launi. Ba sai an je nesa ba.

Abdullahi, Makka: Ni kuwa hawainiyar fenti ta fi mini. Ko yaro ya ji ya gane.

Malam Tukur, Madina: Hawainiya ita ce ke sauya jikinta da kanta. Bango kuwa yana nan yadda aka bar shi.

Abdullahi, Makka: To ai rikiɗa ma haka ne, Malam. Wanda ya rikiɗa shi ne ya sauya.

Injiniya Rabi, Jidda: Bashir, kafin a raɗa suna a duba jaririn. Takardar taka ta haɗa abu biyu a kalma ɗaya, kuma masu sayar da fenti sun saba yin haka.

Fenti ba shi da hasken kansa. Haske ne ke sauka a kansa, ya shanye wani ɓangare, ya maido wa ido saura. Hasken da muke kira fari kuwa gauraye ne na launukan bakan gizo, kuma kowace fitila da irin gaurayenta. Ƙwan da aka rubuta wa 2700K ko 3000K a kwali ja da rawaya sun yi masa yawa, shuɗi kaɗan ne. Na 6500K, wanda ake kira mai sanyi, shuɗi ne ya rinjaya. Hasken rana yana ɗauke da kowane launi ba giɓi, sai dai shi ma na hantsi daban, na dab da magariba daban. Bango ba zai maido abin da ba a ba shi ba, shi ya sa shuɗin ɗaki ke dushewa ya koma kamar toka a ƙarƙashin ƙwai mai rawaya, fari mai ruwan madara kuma ya ƙara rawaya. Wannan fenti ɗaya ne a haske dabam-dabam.

Kalmar da ka kawo, a asalinta, ta fenti biyu ce: suna kama da juna sak a wani haske, a wani hasken su rabu. Dole akwai na biyu da ake gwadawa da shi.

Baba Audu Mai Fenti, Makka: 'Yata Rabi ta faɗi gaskiya, kuma na biyun nan shi ne ke cin kuɗin mai aiki. Bara na yi wa wani bawan Allah majalisa, ruwan toka mai ɗan ƙasa-ƙasa, shafi biyu. Bayan wata huɗu aka fasa bangon don a ja wa na'urar sanyaya ɗaki waya, aka yi filasta, wurin bai fi kamu uku ba. Ragowar fentin ta ƙare, shagon da na saya kuma ya yi nisa. Sai na ɓanɓaro ɓawon tsohon, na kai wani shago kusa, suka ɗora a na'urarsu, ta haɗa mini ƙaramin gwangwani. A cikin shagon na ɗiga a gefen ɓawon, na jira ya bushe, wallahi ba ka rabewa. Na shafa da hantsi, taga a buɗe, mai gida ya duba ya sallame ni.

Bayan isha ya kira ni. Na je na tarar an kunna fitilun cikin rufi, masu rawaya, ga facin nan a tsakiyar bango ya yi ja-ja kamar an shafa hoda, sauran bangon kuma yana nan ruwan ƙasa. Na kashe fitilun na haska da tocilan ɗin waya, faci ya kusa ɓacewa. Na kunna, ya dawo. Ƙarshenta na koma shagon farko da lambar launin, na sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa da kuɗina.

Injiniya Rabi, Jidda: Baba, wannan shi ne ainihinsa. Ana iya isa ga launi ɗaya ta hanyoyi da yawa. Mai yiwuwa na farkon an ɗiga wa farin fenti baƙi da ɗan rawaya mai ƙasa. Na biyun kuma na'urar ta kai ga kamarsa da ja da kore, waɗanda ke kashe juna su ba da toka. A hasken shago da na rana jan da koren sun yi kunnen doki. Da aka kunna ƙwai mai yawan ja, jan ya samu abin maidowa fiye da koren, sai ya fito fili. Idonmu da masu karɓar launi iri uku kacal yake aiki, don haka gauraye biyu mabambanta kan iya ba shi saƙo ɗaya, har sai an sauya hasken. Toka da ruwan ƙasa sun fi kowa wannan hali, saboda ɗan kaɗan ya ishe su karkata.

Hajiya Balki, Makka: Ashe abin da ke samunmu a kasuwa ke nan. Ka zaɓi mayafi ya hau atamfa a cikin shago, ka isa gidan biki ka ga kowa ya kama gabansa. Tun muna yara a Kantin Kwari iyayenmu ke fitowa da yadi bakin ƙofa su duba a rana. Mu dai cewa muke yi ya saje ko bai saje ba. Amma ni tambayata, Injiniya, ɗakina ya yi zafi, in na sa fitila mai sanyin nan zai ragu?

Injiniya Rabi, Jidda: A'a Hajiya, ɗumi da sanyin nan na ido ne, ba na jiki ba. Bashir, ka kula da wannan ma, kada ka rubuta ƙwai mai ɗumi, za a ɗauka zafi yake fitarwa. Ga shi kuma lambar ta juya: mai ƙaramar lamba shi ake kira mai ɗumi.

Abdullahi, Makka: Ba wanda ke cewa ɗumi a nan. Ka shiga shago ka ce lamba asfar ko lamba abyad, a miƙo maka. Yaran da za su karanta takardar ma buya suke cewa, ba fenti ba. A rubuta yadda suke magana.

Malam Tukur, Madina: Ga inda muke ɓata harshe. An ce a fassara zuwa Hausa, kai kana kawo asfar da buya. Muna da rawaya, muna da fari, muna da ƙwan lantarki. In an bi taku, nan da shekara ashirin jikokinmu a ƙasar nan ba za su iya gaida kakanninsu ba.

Abdullahi, Makka: Malam, da girmanka, fenti da lantarki daga bakin wa aka karɓo su? Aron Kano halal, namu na Makka haram? Kakana a ƙasa ya zo ta Sudan, a gidanmu har yau Hausa ake yi, ba mu jira an zo daga gida an koya mana ba. Kullum sai a riƙa nuna mana Hausarmu ba ta cika ba.

Malam Tukur, Madina: Ban ce ba ta cika ba. Fenti ta shekara da shekaru a bakin Bahaushe har ta zama 'yar gida, ana jam'inta, ana cewa mai fenti. Buya baƙuwa ce a Katsina da Damagaram, kuma takarda tana tafiya inda mai ita bai je ba.

Hajiya Balki, Makka: Ku yi haƙuri da juna don Allah. Yaro ya ce Alhamis.

Baba Audu Mai Fenti, Makka: Ni abin da nake so ya shiga takardar, ko da wane suna, shi ne yadda ake ganewa. Ba kowane faci ne laifin haske ba. In ka tsaya a gefe ka ga wurin yana ƙyalli ko ya dushe, da rana da dare duk ɗaya, wannan bambancin sheƙi ne, ko filastar ta sha fentin don ba a yi mata shafin farko ba. Wanda muke magana a kai yana zuwa ya tafi da makunni. Kuma kada yaro ya ce zai tura wa mai gida hoto ya zaɓa, kyamarar waya tana gyara hasken da kanta. Ya shafa a katako mai faɗi, shafi biyu, ya bar shi ya bushe, ya jingina a bangon ɗakin, a gani da hantsi, a gani da la'asar, a gani da dare da fitilun da za a zauna da su. In ba a ɗaura fitilun ba tukuna, a jira.

Injiniya Rabi, Jidda: A ƙara da duba kwalin ƙwan. Ban da lambar K akwai wata da ake rubutawa CRI ko Ra, mai nuna yadda ƙwan ke fito da ainihin launin abu, wadda ƙarshenta 100 ne. Na kasuwa da yawa 80 ne, a majalisa gara 90. Ƙwai biyu kan zama 3000K dukansu, ɗaya ya fito da jan bango, ɗaya ya mayar da shi kamar tsohon bulo, don yawancin fararen fitilun zamani asalinsu shuɗi ne aka lulluɓe da hoda mai rawaya, ja mai zurfi ya yi musu ƙaranci.

Game da suna, kalmar Hajiya ta fi duk namu. Saje dole sai da abu biyu. Ina ba da shawarar sajen haske ɗaya.

Abdullahi, Makka: Ya yi tsawo. Kama da wane fa? Kowa ya san ƙarshen maganar.

Malam Tukur, Madina: Wannan karin magana ce, ta yi kyau a kan shafi, amma ba za ka ce bangon nan yana da kama da wane ba. Saje Hausa ce, ban ƙi ba. Sai dai sajen haske ɗaya za a iya ji kamar hasken ne ya saje. Sajen yaudara ya fi.

Injiniya Rabi, Jidda: Ba wanda ya yaudari wani, Malam. A hasken shagon da gaske suka saje. In aka sa yaudara, yaran za su koma suna zagin mai shago.

Bashir, Jidda: Na gode ƙwarai. Ga yadda na yi: na raba sakin layin biyu. Fenti ɗaya da ke sauya fuska na sa rikiɗar launi, ta Malam. Na fenti biyu na sa sajen haske ɗaya, na bi shi da labarin Baba Audu in ya yarda, ba tare da suna ba. Fitilu kuwa ƙwai mai rawaya da ƙwai fari tas, da lambobinsu, sannan na ambaci asfar da abyad sau ɗaya don saye a shago. Na 4000K ne ban san yadda zan kira shi ba, ba rawaya ba ne, ba fari tas ba.

Baba Audu Mai Fenti, Makka: Na yarda, ka sa. Na tsakiyar nan ni ruwan madara nake ce masa.

Malam Tukur, Madina: Ruwan madara sunan launin fenti ne a shafin nan guda, za a rikice. Ka sa matsakaici kafin a samu wadda ta fi. Sajen haske ɗaya kuma har yanzu bai kwanta mini ba, amma ka buga, in za a sake bugu na biyu ka dawo mana da shi.